Yadda Ake Karanta Zanen Ƙarfi a Gano Ragowar Ƙarfin da ke Jan Bulo a Gangara

A darasin fiziks, idan an ce a nemo ƙarfin da ke sa bulo ya sulale a gangara, yawancin ɗalibai kalkuleta suke fara ɗauka. To amma aikin yana cikin zanen. Wanda ya karanta kibiyoyin zanen daidai, lissafinsa bai wuce layi huɗu ba. Wanda ya karanta su a karkace kuwa, ko da bai yi kuskure ko ɗaya wajen ninkawa da ɗebewa ba, amsarsa ba za ta fito daidai ba.

Zanen da ake magana a kai shi ne wanda ake keɓe abu shi kaɗai, a cire shi daga duk abin da ke kewaye da shi, a bar akwati ƙarami ko ɗigo a madadinsa, sannan a ja kibiya ɗaya ga kowane ƙarfi da ke aiki a kansa. Inda kibiya ta nufa shi ne inda ƙarfin ke turawa ko ja, tsawonta kuma yana nuna girmansa. Ragowar ƙarfi kuwa shi ne abin da ya saura bayan kibiyoyin sun gama kashe juna. Za mu kira shi F.

Ga misalin da za mu bi har ƙarshe. Bulo ne mai mas m = 5 kg, yana sulalewa ƙasa a kan gangara mai kusurwa θ = 30°. Ma'aunin gogayya lokacin da yake tafiya μk = 0.2 ne, na lokacin da yake tsaye kuma μs = 0.3. Za mu ɗauki g = 9.8 m/s². Wasu tambayoyin jarrabawa kan ce a ɗauki 10, to sai ka bi abin da aka ba ka.

Mataki na farko: tambayi kowace kibiya wa ke yin ta

Kafin ka rubuta lamba ko ɗaya, ɗora yatsa a kan kowace kibiya ka yi mata tambaya guda: wane abu ne ke yin wannan ƙarfi a kan bulon? Kibiyar da ka iya faɗin mai ita, halastacciya ce. Wadda ba ta da mai ita, ba ta da gurbi a zanen.

A misalinmu abubuwa biyu ne kacal ke mu'amala da bulon, wato duniya da fuskar gangarar. Duniya tana jan sa ba tare da ta taɓa shi ba, wannan shi ne nauyi, W. Fuskar gangara kuma tana taɓa shi, kuma tana yi masa abu biyu: tana tokare shi don kada ya nutse cikinta, wannan shi ne ƙarfin tokara, R, tana kuma gogar ƙasansa tana hana shi sulalewa cikin sauƙi, wannan ita ce gogayya, f. Kibiyoyi uku ke nan. In babu igiya, babu hannun da ke turawa, kuma an ce a yi watsi da iska, to uku ne, ba ƙari. Wasu littattafan suna rubuta N a maimakon R. Mun zaɓi R ne don kada ya rikice da N na nyuton, ma'aunin ƙarfi.

Sai ka duba inda kowacce ta nufa. Kibiyar nauyi tana kallon ƙasa sak, kamar yadda igiyar magini mai dalma a baki take rataya, ko gangarar ta yi tsayi ko ta kwanta. Ba ta bin gangara, ba ta kuma shiga cikinta a tsaye. Kibiyar tokara tana fita daga fuskar gangarar ne, tana yin kusurwar 90° da ita, saboda haka a karkace take, ba sama sak take kallo ba. Kibiyar gogayya tana kwance a kan layin gangarar, tana adawa da sulalewar. Tun da bulonmu ƙasa yake yi, ita sama take nufa.

Akwai kibiya ta huɗu da hannu ke son ja, kuma ita ce ta fi ɓata wa mutane aiki: wata kibiya mai nuna ƙasan gangara da akan kira “ƙarfin tafiya” ko a rubuta mata ma, wato mas m a ninka shi da ƙaruwar gudu a. Yi mata tambayar nan. Wa ke yin ta? Babu kowa. Bulon yana tafiya ƙasa ne don wani ɓangare na nauyinsa yana jan sa can, ba don wani ƙarfi na daban ba. Ita m × a ɗin sakamako ce, ita ce abin da kibiyoyin uku suka haifar, don haka ba ta zama tare da su. Idan malami ya nuna ƙaruwar gudu a zane, yakan ja ta a gefe, nesa da jikin bulon, daidai saboda wannan dalili.

Haka nan matsin da bulon ke yi wa gangara ba ya cikin wannan zane. Gaskiya ne bulon yana danna gangarar da ƙarfi daidai da R, amma wannan ƙarfi a kan gangara yake aiki. Zanen bulo na abin da ake yi wa bulo ne kawai.

Mataki na biyu: karkata layukan awo su bi gangarar

Mun saba da layin x a kwance, layin y a tsaye. A nan an fi samun sauƙi idan aka juya su: x ya bi gangarar, y ya fita daga fuskarta a 90°. Dalili biyu ne. Na ɗaya, bulon a kan layin gangara kawai yake tafiya, ba ya tashi sama daga fuskar, ba ya nutsewa ciki, saboda haka ƙarfin da ke kan y dole su kashe juna. Na biyu, R da f sun riga sun kwanta a kan sababbin layukan. Kibiya ɗaya ce tak ta rage a karkace, wato nauyi, ita kaɗai za a raba.

Zaɓi ɓangaren da zai zama mai alamar tarawa ka rubuta shi a gefen takarda. Mafi dacewa shi ne ɓangaren da abin yake tafiya, wato ƙasan gangara. Da zarar ka zaɓa, kada ka canza har ka gama.

Mataki na uku: raba nauyi gida biyu

A nan ya kamata a daɗe, domin nan ne aka fi tuntuɓe.

Da farko nemo nauyin kansa. Kilogiram 5 ba ƙarfi ba ne, mas ne. Ƙarfi a nyuton ake auna shi:

```
W = mg = 5 × 9.8 = 49 N
```

Wannan nyuton 49 yana kallon ƙasa sak, amma ayyuka biyu yake yi lokaci guda. Wani kaso yana jan bulon ya bi gangara, wani kaso yana danna shi a jikin gangarar. Don ganin kason kowanne, daga tsakiyar bulon ja layi mai ɗigo-ɗigo ya shiga cikin gangarar a 90°. Daga bakin kibiyar W kuma ja wani layin da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da gangarar har ya haɗu da na farko. Ka sami alwatika mai kusurwar 90°, kuma W ne gefenta mafi tsawo. Riƙe wannan da kyau: W ne mafi tsawo. Idan a zanenka wani kaso ya fi W tsawo, to alwatikar ta juye, sake ja.

Ina θ take a cikin wannan ƙaramar alwatika? Tana tsakanin W da layin da ya shiga cikin gangara. Ga dalili. Lokacin da fili yake a kwance, layin da ke shiga cikinsa da kibiyar nauyi abu ɗaya ne, ba kusurwa tsakaninsu. Idan ka ɗaga filin da digiri 30, layin da ke manne da shi ya juya da digiri 30, nauyi kuwa yana nan inda yake. Tazarar da ta buɗe tsakaninsu ita ce digiri 30 ɗin. Saboda haka kason da ke danna gangara yana maƙwabtaka da θ, shi ne na cos. Kason da ke bin gangara yana fuskantar θ, shi ne na sin.

```
W sin θ = 49 × 0.5   = 24.5 N
W cos θ = 49 × 0.866 = 42.4 N
```

Idan ka manta wanne ne wanne a tsakiyar jarrabawa, kada ka yi caca. Ka ɗauka gangarar ta kwanta gaba ɗaya, θ = 0. Babu abin da zai ja bulon gefe, don haka kason da ke bin gangara dole ya zama sifili. Tsakanin sin 0 da cos 0, sin 0 ne sifili. Magana ta ƙare. Wannan gwajin bai cin daƙiƙa biyar, kuma ya fi hadda aminci, domin hadda tana cin amanar mutum idan aka canza yadda aka ba da kusurwar. Wasu tambayoyin sukan ba da kusurwar da gangara ta yi da bango a tsaye, ba da ƙasa ba. In an ce gangarar ta yi 60° da bango, to θ ɗinka 30° ce, ɗebe daga 90° kafin ka ci gaba.

Shawara game da zane: idan kai ne ke ja, kada ka zana gangara kusa da 45°. A wannan kusurwa kusurwoyin alwatikar biyu kama suke yi, ido ba zai bambanta su ba. Zana ta a kwance sosai, kamar digiri 20, ko da tambayar ta ce 40. Ƙaramar kusurwa za ta fito fili, ka ga inda θ ta faɗa.

Wani lokaci ba a ba da kusurwa sam, sai a ce gangarar tsawonta mita 2 ne, tsayin bakinta daga ƙasa mita 1. Ba ka buƙatar neman digiri. Tsayi a raba da tsawon gangara shi ne sin θ kai tsaye, wato 1/2. Amma in an ba ka tsayi da faɗin ƙasa, abin da ka samu tan θ ne, ba sin θ ba. Karanta da kyau ka ga wane gefe aka auna.

Abu na ƙarshe a wannan mataki: da zarar ka raba W, to ya tashi daga aiki. Ja masa ƙananan layuka biyu a jiki alamar an soke shi. Ko dai ka ƙirga W ɗungurungum, ko ka ƙirga kasonsa biyu, amma ba duka ba. Mai karanta zanen da aka riga aka ja zai ga kibiyoyi biyar, ya ɗauka ƙarfi biyar ne. Uku ne. Biyun da aka ja da ɗigo-ɗigo W ne ya sake kama.

Mataki na huɗu: fara da layin y

Ko da yake amsar tana kan layin x, ba za ka same ta ba sai ka bi ta y, domin gogayya ta dogara ne da R. A kan y kibiyoyi biyu ne: R yana fita, W cos θ yana shiga. Bulon ba ya motsi ta wannan fuska, don haka sun yi daidai:

```
R = W cos θ = 42.4 N
```

Lura cewa R bai kai nauyin bulon ba. A fili mai kwance R zai zama 49 N, amma a gangara wani kaso na nauyin ya tafi wajen jan bulon, abin da ya rage yana danna fuskar ya ragu. Ƙarfin tokara ba shi da ƙayyadadden girma na kansa. Fuskar tana mayar da gwargwadon abin da aka danna mata ne, ba ƙari ba ragi. Shi ya sa ba a haddace R, kullum karanto shi ake yi daga zanen.

Yanzu gogayya. Tun da bulon yana cikin tafiya, μk za a ɗauka:

```
f = μk R = 0.2 × 42.4 = 8.5 N
```

Za ka ga faɗin gindin bulon bai shigo lissafin ba. Ba mantuwa ba ce. Tun 1699 Bafaranshen nan Guillaume Amontons ya bayyana cewa gogayya tsakanin busassun abubuwa tana bin ƙarfin da ke danna su ne, ba faɗin inda suka haɗu ba. Ko ka kwantar da bulon ta faffaɗan gefensa ko ta siririn, f kusan ɗaya ce. Ƙa'ida ce ta kimantawa da aka samo daga gwaji, tana aiki sosai ga busassun abubuwa masu tauri, tana kuma rauni idan akwai mai ko ruwa a tsakani, ko abin yana da laushi kamar roba.

Mataki na biyar: tara abin da ke kan x

Kibiyoyi biyu ne suka rage. W sin θ yana ja ƙasa, yana da alamar tarawa. Gogayya tana ja sama, tana da alamar ɗebewa.

```
F = W sin θ − f = 24.5 − 8.5 = 16.0 N
```

Ragowar ƙarfin nyuton 16 ne, yana nufar ƙasan gangara. Rubuta inda ya nufa tare da lambar, domin ƙarfi ba ya cika sai da alƙiblarsa, kuma masu duba jarrabawa sukan rage maki a kan haka.

In an nemi ƙaruwar gudu, dokar Newton ta biyu ce za ta ba ka: a = F/m = 16/5 = 3.2 m/s². Ma'anarsa, duk daƙiƙa guda gudun bulon yana ƙaruwa da mita 3.2 a daƙiƙa. Idan daga tsaye ya fara a saman gangara mai tsawon mita 2, zai iso ƙasa cikin kusan daƙiƙa 1.1, da gudun kusan mita 3.6 a daƙiƙa.

Da za ka yi lissafin da haruffa zalla, za ka ga wani abu mai kyau:

```
F = mg(sin θ − μk cos θ)
a = g(sin θ − μk cos θ)
```

Mas ya fita daga a. Bulo mai kilogiram 50 a wannan gangara, da irin wannan gogayya, ragowar ƙarfinsa nyuton 160 ne, amma a ɗinsa 3.2 ɗin ce dai. Nauyin da ya ninka sau goma ya ninka jan sau goma, ya ninka gogayyar sau goma, ya kuma ninka wahalar motsa shi sau goma.

Yadda za ka gane ka yi kuskure

Kafin ka amince da amsa, nemo iyakarta. Ko da babu gogayya sam, ragowar ƙarfin ba zai wuce W sin θ ba, wato 24.5 N, kuma a ba za ta wuce g sin θ ba, wato 4.9 m/s². Ga bulon da ke sauka, duk amsar da ta haura wannan, ba tare da wani yana tura shi ƙasa ba, kuskure ce.

Wanda ya musanya sin da cos zai sami ja 42.4 N, tokara 24.5 N, gogayya 4.9 N, ragowa 37.5 N, a kuma 7.5 m/s². Ta zarce 4.9 nesa ba kusa ba, nan take an kama ta. Kuskuren da ya fi wuyar kamawa shi ne na wanda ya ɗauki R = mg. Gogayyarsa za ta zama 9.8 N, ragowarsa 14.7 N. Lambar ba ta yi kama da shirme ba, tana cikin iyaka, shi ya sa take wucewa ba a lura ba. Maganinta kawai shi ne ka duba layin da ka rubuta R: in babu cos θ a ciki alhali kana kan gangara, koma baya.

Sai na kalkuleta. Danna sin 30 kafin ka fara komai. In ta ba ka 0.5, tana kan digiri. In ta ba ka −0.988, tana kan radiyan, sai ka mayar da ita har ka ga D ko DEG a saman allon. Kada kuma ka yi saurin taƙaita lambobi a tsakiyar aiki. Riƙe aƙalla lamba uku, ka taƙaita a ƙarshe.

Akwai hanyar tabbatarwa mai ƙarfi ga mai lokaci, wato a sake lissafin da layukan da aka saba, kwance da tsaye. A nan W ba ya buƙatar rabawa, R da f ne za a raba. A kwance, R yana tura bulon gaba da 42.4 × 0.5 = 21.2 N, gogayya tana mayar da shi da 8.5 × 0.866 = 7.35 N, saura kusan 13.9 N. A tsaye, nauyi 49 N ƙasa, R yana ɗagawa da kusan 36.75 N, gogayya da kusan 4.25 N, saura 8.0 N ƙasa. Haɗa su ta ƙa'idar alwatika, √(13.9² + 8.0²), za ka sami 16.0 N. Raba 8.0 da 13.9 kuma ka sami kusan 0.58, wanda shi ne tan 30°, wato ragowar tana bin gangarar sak. Amsa ɗaya ce, sai dai hanyar ta ninka tsawo, kuma wannan ya nuna maka dalilin karkata layukan tun farko.

Idan ragowar ta fito da alamar ɗebewa

Wannan ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne ake gane wanda ya fahimci gogayya. Rage kusurwar ta koma 10°, komai na nan yadda yake. Yanzu W sin θ = 8.5 N, R = 48.3 N, μk R kuma kusan 9.65 N. Ɗebe, ka sami kusan −1.1 N. Shin bulon zai hau gangara da kansa ke nan? A'a. Gogayyar gangarar da ke tsaye wuri guda ba ta taɓa tura bulo ya hau tudu, hana sulalewa kawai take yi. Fassarar lambar ta dogara da halin da bulon yake ciki.

Idan an riga an tunkuɗa shi yana tafiya ƙasa, lissafin daidai ne: ragowar nyuton 1.1 tana kallon sama, bulon yana ci gaba da sauka amma gudunsa yana raguwa har ya tsaya. Ragowar ƙarfi ba ta faɗin inda abu yake tafiya, tana faɗin yadda gudunsa yake canzawa ne.

Idan kuwa ajiye shi aka yi a tsaye, to ba μk ne ke aiki ba. Gogayyar tsaye ce, kuma ita ba ta da girma guda. Tana ba da gwargwadon abin da ake buƙata don riƙe bulon, har zuwa iyakarta, μs R. A 10° iyakar ita ce 0.3 × 48.3 = 14.5 N. Abin da ake buƙata 8.5 N ne kacal, don haka gogayyar 8.5 N za ta bayar, ragowa sifili, bulon na nan zaune. Wanda ya rubuta f = 14.5 N a nan ya ɗauki iyaka a matsayin abin da ke faruwa.

Saboda haka, in tambaya ba ta faɗa ƙarara cewa bulon yana sulalewa ba, fara da gwada W sin θ da μs R. A misalinmu na 30°, iyakar riƙo 0.3 × 42.4 = 12.7 N ce, jan kuwa 24.5 N, gangarar ba za ta iya riƙe shi ba, zai sulale. Gajeriyar hanya ita ce a gwada tan θ da μs: in tan θ ya fi girma, bulon zai sulale. Da μs = 0.3, hakan na faruwa ne da kusurwa ta haura kusan 16.7°. Da μk = 0.2 kuma, a kusan 11.3° bulon da ke tafiya zai ci gaba da gudu ɗaya, ba ƙari ba ragi, domin ragowar sifili ce. Duk tambayar da ta ce “yana sauka da gudu bai ɗaya” ta riga ta faɗa maka F = 0, sai ka yi amfani da hakan ka nemo μk.

Kana iya ganin wannan da idonka a kan tebur. Ɗora ƙaramin akwatin ashana a kan littafi mai bango mai tauri, ka riƙa ɗaga gefe ɗaya a hankali. Akwatin zai yi shiru, ya yi shiru, kusurwa tana ƙaruwa, gogayya tana ƙaruwa tare da ita ba tare da an ga komai ba. Can sai ya ɓalle gaba ɗaya, kuma ba a hankali yake sauka ba, da sauri yake zurarewa. Dalili shi ne da zarar ya motsa, gogayyar ta faɗo daga ta tsaye zuwa ta tafiya, wadda galibi ta fi ƙanƙanta, sai ragowa ta bayyana farat ɗaya. Auna tsayin bakin littafin daga tebur a daidai lokacin da ya ɓalle, ka raba da faɗin da littafin ya rufe a kan tebur, ka sami μs na akwatin da bangon.

Idan an ƙara kibiya ta huɗu ta gaskiya

Hanyar ba ta canzawa, tambayar farko dai za ka sake yi: wa ke yin ta, ina ta nufa? A ce an ɗaura wa bulon igiya da ke bin layin gangara, ana riƙe shi ta sama da 10 N, amma duk da haka yana sauka. Igiyar tana kan x gaba ɗayanta, ba ta taɓa y ba, don haka R da f suna nan yadda suke. F = 24.5 − 8.5 − 10 = 6.0 N, ƙasan gangara.

Amma a ce hannu ne ke tare shi da 10 N a kwance, daidai da shimfiɗar ƙasa, yana turawa ta ɓangaren tudu. Wannan kibiya a karkace take ga layukanmu, dole a raba ta kamar yadda aka raba nauyi. Sai dai a kula, kusurwar 30° a nan tana tsakanin kibiyar da layin gangara ne, saboda haka kason da ke bin gangara shi ne na cos, wanda ke dannawa ciki shi ne na sin, akasin na nauyi. Ga inda hadda ke kayar da mutum.

```
R = 42.4 + 10 sin 30° = 47.4 N
f = 0.2 × 47.4 = 9.5 N
F = 24.5 − 10 cos 30° − 9.5 = 6.3 N
```

Turin ya ƙara danna bulon a jikin gangarar, R ya tashi, gogayya ta bi shi ta tashi. Wanda ya haddace cewa R kullum mg cos θ ne, a nan zai rasa nyuton guda cur a gogayyarsa.

Akwai kuma yanayin da aka harba bulon sama, yana hawa kafin ya dawo. Nauyi da tokara ba su canza ba, amma kibiyar gogayya ta juya, domin yanzu sulalewar sama take yi. Ja da gogayya sun haɗa kai suna kallon ƙasa: 24.5 + 8.5 = 33.0 N, wato gudunsa yana raguwa da 6.6 m/s². Da ya kai ƙarshen hawansa ya tsaya na ɗan ƙiftawar ido, sai a sake gwada 24.5 N da iyakar riƙo ta 12.7 N. Jan ya fi, don haka zai juyo, gogayya ta koma kallon sama, ragowar ta dawo 16.0 N. Tafiya ɗaya ce, amma zane biyu take buƙata, ɗaya na hawa, ɗaya na sauka, kuma kowanne da nasa lissafin.